Ko Kun Sani? Mai kilo 80 na iya fin mai kilo 95 tsoka

Ɗan wasa mai kilo 80 yana iya fin mai kilo 95 cikar tsoka, idan aka yi la'akari da tsawon kowannensu. Ma'aunin FFMI ne ke nuna haka: a cire nauyin kitse daga nauyin jiki, abin da ya rage a raba shi da tsawon mutum a mita, har sau biyu.

A ɗauki 'yan wasa biyu, kowanne kitsensa kashi 10 cikin ɗari. Gajeren, mai mita 1.70 da kilo 80, ragowarsa kilo 72 ne, makinsa 24.9. Dogon, mai mita 1.90 da kilo 95, ragowarsa kilo 85.5, amma makinsa 23.7 kacal. Dalili kuwa, dogon jiki dole ya ɗauki ƙarin ƙashi da nama, don haka sikeli kaɗai yakan fifita shi.

A 1995, masu bincike a Amurka sun auna FFMI na 'yan wasa maza 157. Waɗanda ba sa amfani da magungunan ƙara tsoka sun tsaya a wajen maki 25, alhali da dama cikin masu amfani da su sun zarce.

Sai dai lissafin ya dogara ne kan awon kitse, wanda kuskure ke yawan shiga. Da kitsen gajeren nan kashi 15 ne, da makinsa ya sauko 23.5, ƙasa da na dogon.