Sabon kitso a tsohon hoto: fara duba inda haske ya fito

Sau da yawa za ka ga hoton da aka ɗora wa sabon gashi, an yanke gefensa tsaf, launi ma ya dace, amma ido ya ƙi yarda. Gashin kamar yana shawagi a saman kai. Galibi matsalar ita ce fuskar da gashin kowanne da hasken da aka ɗauke shi a ciki, kuma mai haɗawa bai daidaita su ba.

Saboda haka kafin ka taɓa gashi, ka karanta fuskar. Ka ƙara girman hoton ka dubi ƙwayar ido, za ka ga ɗan farin ɗigo yana ƙyalli. Wannan hoton fitila ne ko taga da ta haska mutumin. Ka ɗauki idon a matsayin fuskar agogo: in ɗigon yana wajen ƙarfe 10, haske ya zo daga sama ta hagun hoton, in kuma yana ƙarfe 2, ta dama ya zo. Sai ka tabbatar da inuwar hanci da ta ƙarƙashin haɓa, domin kullum suna faɗawa ne ɓangaren da ke kallon nesa da hasken. Ka lura da bakin inuwar ma. Rana tsaka da filashin kyamara suna ba da inuwa mai kaifin baki, hasken taga ko na ranar da hadari ya rufe kuwa inuwarsa a hankali take narkewa.

Mu ɗauki misali. Mace ta zauna gefen taga, ɗigon idonta yana ƙarfe 10, kuncinta na ɓangaren dama na hoton ya ɗan yi duhu. Ana so a ɗora mata kitson shuku da aka yanko daga wani hoto, wanda sheƙinsa yake ta dama. Abu na farko shi ne a juya kitson da Flip Horizontal, wanda Photoshop da Photopea duk suna da shi, sai sheƙin ya koma hagu. Amma juyawar tana da iyaka. In kitson yana da tsaga a gefe, tsagar ma za ta sauya ɓangare. Kuma in an haska gashin ta baya ne har gefensa yana walƙiya, juyi ba zai gyara shi ba. A ganina gara a nemi wani hoton gashin da a ɓata yini ana faci.

Baƙin gashi yana bukatar kulawa ta daban, domin kusan duk siffarsa sheƙi ne ke nuna ta. Kowane layin kitso yana da tudu, hasken yana sauka a gefen tudun da ke fuskantar taga. A buɗe Curves a saman gashin, a ɗaure shi da Clipping Mask don kada ya shafi fuska, a rage haske, sannan a bar duhun ya bayyana a ɓangaren dama kaɗai. A yi wani na ƙara haske ta hagu, a shafa shi a kan tudun layukan, a bar ramukan da ke tsakani da duhunsu. In aka haskaka ramukan, kitson zai baje ya zama toka-toka.

Saura inuwar da gashin zai jefa a jiki, kuma ita ce aka fi mantawa. Iri biyu ce. Akwai siririya mai duhu daidai inda gashi ya taɓa fata, a bakin goshi da bayan kunne. Akwai kuma mai faɗi wadda jelar kitso za ta jefa a wuya da kafaɗa, kuma a misalinmu ƙasa ta dama za ta faɗi, daidai da inuwar hanci. A yi su a sabon Layer ƙarƙashin gashin, a sa shi a Multiply, a fara da Opacity na kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Kada a yi amfani da baƙi wuluk, yana sa fata ta yi kamar an shafa mata gawayi. A tsinko launin daga inuwar haɓar matar, tunda wannan ce inuwar gaskiya ta wannan ɗakin. Inda jelar ta yi nesa da fata, inuwarta ta fi laushi, sai a ɗan sa mata Gaussian Blur.

In an gama, a mayar da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci, a kuma rage girmansa sosai. Launi yana ɓoye kuskure, amma a nan za a ga ko wuri mafi haske a gashin yana ɓangare ɗaya da wuri mafi haske a goshi da kunci. In sun saɓa, a koma kan Curves. In sun dace amma har yanzu gashin yana neman tashi daga kai, siririyar inuwar bakin goshi ce ta yi kaɗan.