Shekara uku, kuɗi ɗaya: yadda ɗan kasuwa ke neman sabunta hayar shago

A Kantin Kwari da ke Kano, abin da ke hana mai sayar da atamfa barci idan shekara ta zagayo shi ne saƙon mai shago: haya ta ƙare, kuma an yi ƙari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Masu gine-gine ma suka bi sahu. Shi kuwa ɗan kasuwa tashi daga shago ba ƙaramar asara ba ce gare shi, domin masu sari da ke zuwa daga Maraɗi ko Maiduguri layin suka sani da ƙofar, ba lallai su bi shi inda ya koma ba.

Wannan ya sa wasu ke zuwa da wata shawara: a tsawaita wa'adin haya, a tsayar da kuɗin wuri guda. Sai dai da yawa suna ɓata maganar tun daga farko, don suna roƙon a bar musu tsohon farashi har shekara biyar. Babu mai shagon da zai yarda, kuma yana da gaskiya, domin kuɗin da ya karɓa bana ba zai sayi buhunan simintin da ya saya bara ba.

A ɗauka wani mai atamfa yana biyan naira 1,200,000 a shekara, mai shago kuma ya saba ƙara kashi ɗaya cikin huɗu duk sabuntawa. Shekara mai zuwa zai biya 1,500,000, ta biyu 1,875,000, ta uku 2,343,750. Jimla ta kama 5,718,750. Sai ya je tun saura wata shida wa'adinsa ya cika, ya gaisa, ya ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, na zo ne a kan maganar shago. Ina so a ba ni shekara uku, ina biyan miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas duk shekara, ba ƙari ba ragi. Gyaran ƙofa da fenti kuma a bar mini."

Lissafinsa ya tsaya a 5,400,000, wato ya samu rangwamen 318,750. Ribarsa ta gaske kuwa ita ce sanin abin da zai biya, ta yadda zai iya ɗaukar kaya bashi ko ya kashe kuɗi a kan kanta hankali kwance. Shi ma Alhaji bai faɗi ba. A shekarar farko ya karɓi dubu ɗari uku fiye da abin da ya yi niyya, a lokacin da kuɗin ke da sauran daraja. Da ɗan hayar ya tashi shagon ya zauna wata uku a rufe, da ya rasa 375,000, ga kuma zirga-zirgar dillalai. Wannan lissafin ne ya kamata ɗan kasuwa ya kai gabansa a rubuce, maimakon kukan kasuwa ta yi sanyi.

Akwai dalilin zaɓar shekara uku. A dokar Najeriya, hayar da ta wuce haka tana buƙatar takardar lauya mai hatimi da rajista a ofishin filaye, abin da ke cin kuɗi da lokaci. Wanda ya nace a kan shekara biyar, ya fi sauƙi ya yarda a sake duba kuɗin bayan ta uku, a kuma rubuta iyakar ƙarin tun yanzu.

Haɗarin yana nan ta kowane ɓangare. Idan ciniki ya karye, ɗan haya ya ɗaure kansa, don haka ya nemi a rubuta cewa zai iya fita da notis na wata shida, ko ya miƙa wa wani da izinin mai shi. A kuma fayyace makomar kuɗin da aka biya idan gobara ta tashi, kamar wadda ta cinye kasuwar Sabon Gari a 2016.

Inda aka fi samun rigima shi ne yarjejeniyar baka. A fiƙihun Malikiyya haya ba ta warwarewa don mai gini ya rasu, amma magada za su tambayi hujja, haka ma wanda ya sayi ginin. Saboda haka kafin ɗan kasuwa ya biya ko sisi, ya tabbata wanda ya sa hannu shi ne mai shagon ko wakilinsa na gaskiya, a rubuta ranar farawa da ta ƙarewa da adadin kuɗi, shaidu biyu su sa hannu, kowane biya kuma ya karɓi rasit ya adana.