Wa zai yi, yaushe, ina aka kwana: yadda ake tsara jadawalin ayyukan taro

Akwai wata jimla da ba ta rasuwa a rahoton taron kwamitoci: "An amince a gyara rufin aji kafin damina." Kowa ya gyaɗa kai, a shafa fatiha, a watse. Bayan wata guda a sake haɗuwa, shugaba ya tambayi ina aka kwana, kowa ya dubi na kusa da shi. Ba wanda ya ƙi aikin. Abin da ya faru shi ne ba a ɗora shi a wuyan kowa ba, ba a kuma yanka masa rana ba. Maganin wannan ɗan ƙaramin jadawali ne da ake zanawa a ƙarshen taro, a littafin sakatare ko a kwamfuta.

Mu ɗauki misalin kwamitin iyaye da malamai na wata firamare da iska ta yaye wa rufin aji ɗaya, aka zauna a farkon Afrilu ana son a gama kafin ruwa ya sauka. Sakatare zai raba shafi gida shida da layukan tsaye: lamba, aiki, mai alhaki, wa'adi, matsayi, sai ƙarin bayani.

Tun daga gidan aiki ake fara ɓata lamarin. "Gyaran rufi" buri ne, kuma a cikinsa akwai ayyuka da yawa a hannun mutane daban-daban. Sai an auna wurin, an ji farashi, an fitar da kuɗi, an sayo kwano da katako da ƙusa, kafin kafinta ya hau sama. Don haka kowane layi ya ɗauki aiki ɗaya, a rubuta shi yadda za a iya cewa "an yi" ko "ba a yi ba" babu gardama. Ga yadda jadawalin zai kasance mako biyu bayan taron:

| Lamba | Aiki | Mai alhaki | Wa'adi | Matsayi | Bayani |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 | Kawo rubutaccen ƙiyasi daga kafintoci uku | Hedimasta | 10 ga Afrilu | An gama | An zaɓi na biyu |
| 2 | Ciro kuɗin kaya daga banki | Ma'aji | 15 ga Afrilu | Ya maƙale | Ana jiran sa hannun shugaba |
| 3 | Sayo kaya da kawo rasit | Mataimakin shugaba | 19 ga Afrilu | Ba a fara ba | Sai an gama na 2 |
| 4 | Duba aikin kafinta da karɓarsa | Hedimasta | 30 ga Afrilu | Ba a fara ba | |

A nan na sa muƙamai ne don misali. A jadawalin gaskiya sunan mutum ake rubutawa.

Gidan mai alhaki shi ne zuciyar jadawalin, kuma a nan kunya take yi mana ɓarna. Muna jin nauyin nuna mutum da yatsa a gaban dattawa, sai mu rubuta "kwamiti", ko "mu duka", ko mu haɗa sunaye biyu don kada wani ya ji an ware shi. To da zarar sunaye sun zama biyu, kowannensu zai kwana yana zaton ɗayan ya je. Gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ko a wajen gayya akwai wanda ya kira ta. Mai alhaki yana iya aiken yaro, yana iya neman taimakon mutum biyar, a rubuta sunayensu a gidan bayani. Shi dai ne za a tambaya ranar taro.

Sharuɗɗa biyu ke tafe da wannan. Na farko, mutum ya karɓa da bakinsa a wurin. Wanda bai halarci taro ba, ba a rataya masa aiki a bayan idonsa. In dole shi ne zai yi, sai a rubuta layi cewa wane zai same shi ya ji amsarsa zuwa rana kaza. Na biyu, kada a sa sunan wanda ba ya cikin kwamitin. Kafinta ne zai buga kwano, amma ba ya zuwa taro, shi ya sa layi na huɗu yake wuyan hedimasta. Haka kuma a kula da ɗabi'ar jibga wa sakatare komai don shi ke riƙe da biro. Idan ka ga suna ɗaya ya cinye rabin jadawali, ka san wasu layukan ba za su motsa ba.

Wa'adi kuwa rana ce guda da za a iya nunawa a kalanda. "Nan ba da jimawa ba" ba wa'adi ba ne, "mako mai zuwa" ma ya danganta da ranar da aka karanta takardar. "Bayan Sallah" ya fi su santsi, domin ranar Sallar kanta sai an ga wata, bayanta kuma ba ta da iyaka. Ana sa ranakun ne ta hanyar lissafi daga ƙarshe: yaushe ake son a gama, kwana nawa kafinta zai yi, kwana nawa sayayya za ta ci, sannan a bar 'yar rata saboda uzuri. Idan aka ɗaga wa'adi, kada a goge tsohon. A ja masa layi a rubuta sabon a gefe, domin aikin da aka ɗaga sau uku yana da wata matsala da ba a faɗa ba.

Gidan matsayi ba ya son surutu. Kalmomi huɗu sun isa: ba a fara ba, ana yi, ya maƙale, an gama. "Muna kan ƙoƙari" da "saura kaɗan" ba su da wuri a nan. A ganina "ya maƙale" ce ta fi sauran amfani, muddin aka rubuta abin da ya tare ta. Dubi layi na biyu: laifin ba na ma'aji ba ne, sa hannun shugaba ake jira, kuma layi na uku da na huɗu duk suna tsaye a bayansa. Wanda ya karanta jadawalin ya san kiran waya ɗaya zai kwance ayyuka uku. "An gama" kuma sai da shaida: rasit, ko hoto, ko wani ya je ya gani da ido.

Masu amfani da Excel ko Google Sheets suna iya sa na'ura ta tona layukan da suka makara. Idan wa'adi yana gidan D, matsayi yana gidan E, sai a rubuta wannan a gidan G a ja shi ƙasa:

```
=IF(AND(D2<TODAY(),E2<>"An gama"),"Ya makara","")
```

Sai dai a shigar da wa'adin a matsayin kwanan wata na ainihi, ba rubutu irin "15 ga Afrilu" ba, in ba haka ba lissafin ba zai yi aiki ba. A kuma yi hattara da irin 03/04: mu 3 ga Afrilu muke nufi, kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris za ta karanta.

Kafin a tashi, sakatare ya karanto layukan ɗaya bayan ɗaya kowa ya ji sunansa da ranarsa, ya ɗauki hoton shafin ya tura wa mambobi ta WhatsApp a ranar. Taro na gaba kuma da jadawalin ake buɗe shi, a fara da waɗanda suka maƙale ko suka makara. Sakataren da ke karanta wannan, ka ja layukan nan shida tun a gida, ka shiga taronku na gaba da shafin a buɗe.