Jarrabawar koyar da na'ura: me za a haddace, me za a fahimta?

Ɗalibin da ke bitar darasin koyar da na'ura yakan tarar da littafinsa cike da lissafi mai hawa-hawa, layi yana haifar layi. Da yawa sukan zauna su haddace shi duka. A ganina hadda tana da wuri biyu kacal: layin farko, da kuma inda aka yi wata dabara da hankali ba zai kawo ta da kansa ba. Sauran layukan fahimtarsu ake yi.

Ga misali. Na'ura tana hasashe da `wx`, amsar gaskiya kuma `y` ce. Ana auna kuskurenta da `(wx - y)²`. Wannan layin ma'ana ce da aka ajiye, ba a ciro shi daga wani wuri a ɗakin jarrabawa, don haka a haddace shi. Abin da ke biye, wato gangarar kuskuren, `2(wx - y)x`, dokar sarƙa ta kalkulas ce ke fitar da ita, kuma ita ce ke nuna ta wane ɓangare za a gyara `w`.

A gwada da lambobi. Idan `x = 2`, `y = 6`, `w = 1`, hasashe ya zama 2, gangara ta zama -16. Da takun koyo na 0.1, sai `w` ya koma 2.6, ya kusanci 3 da ake nema. Wanda ya juya alamar ragi zai sami -0.6, kuskure ya ƙaru. Mai fahimta zai gane nan take cewa ya yi ɓatan kai, mai hadda kuwa ba shi da abin da zai auna amsarsa da shi.

Malamai kuma suna son sauya tambaya kaɗan. Sai a ƙara `λw²` a kan kuskuren don hana `w` girma fiye da kima. Wanda ya saba bin matakan zai ƙara `2λw` a gangara ya wuce. Wanda ya haddace ƙarshen kawai ya tsaya cik, kamar mai tilawa da baƙi ya kuɓuce masa, babu mai ɗora shi.

Akwai ƙananan sakamako da suka cancanci hadda saboda yawan dawowarsu, irin su `σ' = σ(1 - σ)`. Fitar da shi sau ɗaya da hannunka ya wadatar, daga nan ka riƙe shi, domin lokacin jarrabawa ƙayyadadde ne.

Yadda za ka rarrabe kuwa: rufe littafi, ɗauki farar takarda, rubuta layin farko, ka ci gaba. Inda ka maƙale, buɗe ka duba. Idan dokar da ka sani ce ta suɓuce maka, atisaye kake buƙata. Idan kuwa dabara ce, kamar ƙara wani abu a kuma rage shi, yadda ake yi wajen raba kuskure gida-gida, rubuta wannan layin kaɗai a takardar hadda. Bayan kwana biyu ka sake gwadawa, amma da wasu haruffa dabam.