Me Ya Sa Ƙ, Ɗ da Ɓ Suke Komawa "?"

Ɗalibi a Samaru, ka cike fom ka rubuta "Ƙaramar Hukumar Sabon Gari", sai ta fito "?aramar Hukumar"? Wayarka lafiya lau take.

Matsalar tana tsakanin shafin da rumbun bayanansa. Shafin yana aiki da tsarin UTF-8, wanda ya san haruffanmu masu lanƙwasa. Rumbun kuwa, ko hanyar da ta haɗa su, yana kan latin1, tsarin harsunan Yammacin Turai, wanda babu ƙ, ɗ ko ɓ a cikinsa. Harafin da bai sani ba sai ya musanya shi da "?".

Duba ɓarnar: "?ari" ɗari ne, ƙari ne, ko ɓari?

Mai kula da rumbun MySQL zai iya gane ko rubutun na nan:

```
SELECT HEX(suna) FROM dalibai;
```

In ya ga C698 a gurbin Ƙ, harafin yana nan, sai a mayar da hanyar utf8mb4. In 3F ya gani, harafin ya tafi, sai an gyara rumbun an sake bugawa. Don haka ka adana kwafin rubutunka na asali.