Me Mai Kilishi Zai Tanada Kafin Ya Ba da Aikin Hoton Talla?

Mai sayar da kilishi a Kano da ke son hoton talla daga manhaja irin Midjourney yakan nemi wanda ya iya rubuta umarnin. Me zai fara kai masa? Hoton kayansa na gaske, domin manhajar ba ta san kilishi sosai ba. Idan aka rubuta sunan kawai, tana iya zana tsire ko wani naman Turawa. Dole a bayyana shi: nama ne mai faɗi, siriri kamar takarda, jajawur saboda labu da barkono, an naɗe shi a takarda ruwan ƙasa.

Ina za a sa hoton? Wannan ke yanke siffarsa. Matsayin WhatsApp yana son hoto a tsaye, 9:16, allon shago kuwa yana son mai faɗi.

To, suna da lambar waya fa? A nan aka fi asarar kuɗi. Manhajojin sukan lalata rubutu, musamman ƙ, ɗ da ɓ. Gara ya nemi a bar fili a saman hoton, a ɗora rubutun daga baya da Canva.