Inji Biyu, Tanki Ɗaya: Awa Nawa Za Su Yi?

A ce mai gidan burodi yana da tanki a kan rufi da injin turo ruwa guda biyu. Babban yana cika tankin cikin awa 3, ƙaramin kuwa sai ya yi awa 6. In aka kunna su tare, awa nawa za a jira? Jefa wannan tambaya a majalisa, za ka ji wani ya ce awa 9, don ya tara uku da shida. Wani ya ce a'a, a raba biyu, awa huɗu da rabi ke nan. Duka amsoshin nan ba su ma kai a ɗauko biro ba. Babban injin shi kaɗai awa 3 yake yi, to ta yaya za a ƙaro masa mataimaki aikin kuma ya ƙara daɗewa?

Matsalar ita ce awanni ba sa taruwa a irin wannan lissafi. Abin da ke taruwa shi ne yawan aikin da kowane inji yake yi a cikin awa ɗaya. Injin da ke cika tanki a awa 3, a kowace awa sulusin tanki yake zubawa, wato 1/3. Na awa 6 kuma sudusi yake zubawa, wato 1/6. Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san sulusi sudusi biyu ne, don haka a awa guda su biyun sun zuba sudusi uku, rabin tanki ke nan. Abin da ke cika rabi a awa ɗaya zai cika duka a awa 2. A rubuce, idan t shi ne lokacin da za su yi tare:

1/3 + 1/6 = 1/t

Daga nan akwai awo mai sauƙi da ɗalibi zai riƙa gwada amsarsa da shi. Lokacin haɗin gwiwa dole ya gaza lokacin wanda ya fi sauri, kuma ba zai yi ƙasa da rabinsa ba, domin ko da mataimakin ya kamo shi a sauri, iyakar abin da za su yi su raba lokacin biyu. A nan amsar tana tsakanin awa ɗaya da rabi da awa 3, kuma 2 ta faɗa ciki. Duk amsar da ta fita wannan shinge, a sake dubawa.

Tambayar ba sabuwa ba ce. A wani tsohon littafin lissafi na ƙasar Sin mai babi tara, wanda aka harhaɗa kusan shekara dubu biyu da suka wuce, akwai tafki da magudanan ruwa biyar ke zuba masa, kuma da wannan dabara ta tara aikin yini guda aka warware shi.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe, musamman masu shirin jarrabawar kammala sakandare, shi ne in aka juya tambayar. A ce an san wasu inji biyu tare suna cika wani tanki a awa 6, an kuma san ƙaramin yana ɗara babban da awa 5 in kowa ya yi shi kaɗai. Nawa ne lokacin kowanne? Yanzu abin da ake nema ya koma ƙasan layin kaso, kuma wannan ne ke firgita yara. A sa wa lokacin babban injin suna x. Na ƙaramin ya zama x + 5, tun da shi ne mai jinkiri. A kula da wannan wuri sosai: da yawa sukan ba babban injin x + 5 saboda sun ji an ce babba, alhali mai ƙarfi shi ke da ƙarancin awanni. Sai a rubuta:

1/x + 1/(x + 5) = 1/6

Aikin farko shi ne a kawar da lambobin ƙasa gaba ɗaya. Ana yin haka ta ninka kowane yanki da 6x(x + 5), wato dukkan na ƙasan a haɗe. Yanki na farko zai bar 6(x + 5), na biyu ya bar 6x, na dama kuma ya bar x(x + 5). Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ninka hagu a manta da dama, ko kuma tun farko a tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, a samu 2/(2x + 5), abin da ba shi da tushe ko kaɗan. In an bi daidai, ga abin da zai fito:

12x + 30 = x² + 5x

x² − 7x − 30 = 0

Sai a nemi lambobi biyu waɗanda in an ninka su za su ba da −30, in an tara su kuma su ba da −7. Su ne −10 da 3. Ke nan (x − 10)(x + 3) = 0, x ya zama 10 ko −3. Babu injin da ke aiki awa uku ƙasa da sifiri, saboda haka 10 za a ɗauka. Babban injin awa 10, ƙaramin awa 15.

Ni dai na fi son a gwada amsa da lita maimakon a tsaya kan haruffa. Ɗauka tankin lita 3,000 ne. Babban inji yana zuba 300 a awa, ƙarami 200, tare 500. Raba 3,000 gida 500, ka samu awa 6 cif. Ko da wane girman tanki ka zaɓa, shida ɗin za ta dawo, shi ya sa tun farko ba a faɗi girmansa ba.

Ita kuma −3 ɗin da aka jefar tana da abin faɗa. In ka mayar da ita cikin lissafin, za ka samu 1/2 − 1/3, kuma wannan ma 1/6 ne. Ma'anarsa inji mai cikawa a awa 2, da wata kafa mai kwashe cikakken tanki a awa 3. Ba abin da aka tambaya ba ne, amma ta nuna yadda ake lissafin yoyo: mai zubawa a tara shi, mai kwashewa a debe shi. Mai tankin da ya saba cika a awa 4, ya wayi gari yana cin awa 6 alhali injin lafiya lau, zai iya rubuta 1/4 − 1/y = 1/6. Amsar y ita ce 12, wato ɓular da ke jikin tankin ko bututun za ta iya tsiyaye shi ƙarƙaf cikin awa 12, daga magariba zuwa wayewar gari.

Sai dai duk wannan ya tsaya ne a kan sharaɗin cewa kowa yana aiki da sauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma ba ya tare wa ɗan'uwansa hanya. Inji biyu da ke jan ruwa daga rijiya ɗaya, ko suke turawa ta siririn bututu ɗaya, ba za su ba da jimlar ƙarfinsu ba. Yoyo ma yakan ƙaru in ruwa ya yi sama a tanki, ya ragu in ya yi ƙasa, don haka awa 12 ɗin nan kimantawa ce. Ga mutane abin ya fi haka rikitarwa: birkila biyu a bango ɗaya da lebura ɗaya mai kwaɓa musu siminti za su riƙa jiran kwano, sai aikin da takarda ta ce na kwana 6 ne ya kai 7 ko 8.